Me ya sa rabon firakshan ɗina yake ba ni 24 = 8?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibar injiniyanci ce a Jidda, shekarar farko. An ba mu intigireshan na (8x² + 8) / [(x − 1)²(x² + 2x + 5)]. Na raba shi A/(x − 1)² + B/(x² + 2x + 5), na sami A = 4, B = 4, amma layin ƙarshe sai ya ce mini 24 = 8. Sau uku ina sakewa, haka yake fitowa. Ina kuskuren yake? Kuma yaya ake yi idan kwadiratik ɗin ne ya maimaitu, kamar (x² + 1)²?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Lissafinki daidai yake, babu inda hannunki ya zame. Ko sau goma kika sake, 24 = 8 za ki samu, domin matsalar tana layin farko, wajen da kika yanka gurabe biyu kacal alhali abin yana neman huɗu. Wannan saɓanin da ya fito shi ne lissafin yake gaya miki cewa babu wasu lambobi A da B a duniya da za su cika sharaɗin da kika gindaya.

Bari in daidaita kalmomi tukuna, tunda na san yawancin yaranmu na nan da Larabci suka yi sakandare, sai a jami'a abin ya juye. Abin da kika sani da takamul shi ne intigireshan, kusur juz'iyya kuwa shi ne wannan rabon firakshan da muke magana a kai. Basɗ zan ce masa sama, maƙam kuma ƙasa.

Ki buɗe ƙasan gaba ɗaya a zuci. (x − 1)² darajarsa 2, x² + 2x + 5 darajarsa 2, in an ninka su daraja 4 ke nan. Saman da zai zauna a kan irin wannan ƙasa yana iya kaiwa daraja 3, wato yana da wurare huɗu: na x³, na x², na x, da na lamba tsura. Saman da aka ba ki, 8x² + 8, shi ma wurare huɗun yake da su, sai dai biyu sifiri ne a cikinsu. Kowane wuri ikweshan ɗaya yake haifarwa. Ikweshan huɗu, ke kuma kin zo da haruffa biyu. Na x³ ya wuce shiru don sifiri ne ta kowane ɓangare, na x² da na x suka ba ki 4 da 4, na ƙarshe ya rasa harafin da zai ɗauke shi, sai ya fito a 24 = 8. Don haka ƙa'idar da nake so ki riƙe kafin komai ita ce: adadin haruffan da kike nema dole ya yi daidai da darajar ƙasa. Ki ƙirga su kafin ki ninka komai. Daƙiƙa biyar ce, kuma ita take raba mutum da ɓata shafi guda.

Ga yadda guraben huɗu suke:

A/(x − 1) + B/(x − 1)² + (Cx + D)/(x² + 2x + 5)

Ɗalibai da yawa suna haddace wannan siffa ba su san daga ina ta zo ba, shi ya sa take kuɓuce musu a ɗakin jarrabawa. Asalinta mai sauƙi ne. A kan kowane yanki na ƙasa, ana ɗora sama mafi faɗi wanda darajarsa ta gaza ta yankin da ɗaya. Yanki mai daraja 2 yana ɗaukar sama mai x da lamba. Wannan ne dalilin Cx + D. Shi ma (x − 1)² haka yake, haƙƙinsa sama mai x da lamba. Bambancin kawai shi ne ana iya ƙara farfasa shi. Ki tuna canjin da mai baƙala yake miƙo miki: halala 75 ba ta zuwa a ƙwandala ɗaya, nusu yake ba ki da rubu'i, wato 3/4 = 1/2 + 1/4. Huɗu biyu ce sau biyu, shi ya sa canjin ya fito da mai ƙasan 2 da mai ƙasan 4. Haka (x + 1)/(x − 1)² yake fashewa: ki rubuta x + 1 a matsayin (x − 1) + 2, sai ki ga 1/(x − 1) + 2/(x − 1)². Da ƙasan (x − 1)³ ne, matakala uku za ki hau, ɗaya bayan ɗaya, ba tsallake.

Shi kuwa x² + 2x + 5, kafin ki yarda cewa ba ya fasuwa, ki gwada shi da mumayyiz, b² − 4ac. A nan 4 − 20 = −16. Ƙasa da sifiri yake, saboda haka ba shi da tushe a cikin lambobin haƙiƙa, dole a bar shi dunƙule. Ina jaddada wannan gwaji don na sha ganin wanda ya kalli x² − 2 ya ce ba ya fasuwa, don bai ga lambobi cikakku da za su fasa shi ba. Yana fasuwa sarai: (x − √2)(x + √2), kuma amsarsa logaridim ce, babu arctan a ciki. In kuma mumayyiz ya fito sifiri cif, kamar a x² + 2x + 1, to ba kwadiratik mai taurin kai ba ne, (x + 1)² ne ya yi shigar burtu.

Yanzu neman haruffan. Hanyar da littattafai suka fi koyarwa ita ce a ninka komai da ƙasan, a jera ikweshan huɗu, a warware su tare. Tana aiki. Amma ni ba ita nake fara koya wa ɗalibaina ba, domin idan alamar ragi ɗaya ta faɗi a hanya, ba abin da zai sanar da ke sai kin kai ƙarshe. Na fi son a ɓare abin ɗaya bayan ɗaya kamar albasa, saboda kowane mataki yana duba kansa.

A fara da matakala mafi tsawo, wato B. Ki sa yatsa ki rufe (x − 1)² a cikin tambayar, abin da ya rage ki zuba masa x = 1. Sama ya zama 8 + 8 = 16, ƙasa 1 + 2 + 5 = 8. B = 2. Wannan dabarar rufewa, wadda ake danganta ta da Oliver Heaviside, iyakarta ke nan idan fakta ta maimaitu: B kaɗai take bayarwa. Kada ki rufe (x − 1) guda ɗaya ki ce za ki ciro A, domin ɗan'uwansa yana nan a ƙasa, zai zama sifiri ya lalata rabon.

To sai ki cire 2/(x − 1)² daga tambayar. In an haɗa ƙasa, sabon saman shi ne

8x² + 8 − 2(x² + 2x + 5) = 6x² − 4x − 2

Ga inda hanyar take duba kanta. Idan B daidai ne, wajibi ne x − 1 ya raba wannan saman ba saura. Zuba 1: 6 − 4 − 2 = 0. Ya raba. 6x² − 4x − 2 = (x − 1)(6x + 2). Da kin sami saura ko da 1 ne, nan take kin san B ɗinki ya karkace, ba sai kin yi nisa ba. Ki soke x − 1 guda sama da ƙasa, abin da ya rage

(6x + 2) / [(x − 1)(x² + 2x + 5)]

Kin ga maimaicin ya tafi. Yanzu rufewa ta halatta a kan A: rufe x − 1, zuba 1, 8 bisa 8, A = 1. Ki sake cirewa:

6x + 2 − (x² + 2x + 5) = −x² + 4x − 3 = (x − 1)(−x + 3)

Ya sake rabuwa ba saura. Soke x − 1, sai (−x + 3)/(x² + 2x + 5) ya rage shi kaɗai a faranti. C = −1, D = 3, ba tare da mun warware ikweshan ko biyu tare ba. Wannan ɓarewar kuma ita ce hujjar siffar da kanta: kowace cirewa tana sauke matakala ɗaya, shi ya sa kowace matakala take da gurbinta.

Rabon ya zama

1/(x − 1) + 2/(x − 1)² + (−x + 3)/(x² + 2x + 5)

Kafin ki taɓa alamar intigireshan, ki ɗauki lamba guda mai sauƙi ki gwada. Da x = 0, tambayar ta ba da 8/5. Rabon ya ba da −1 + 2 + 3/5, shi ma 8/5. Da x = 2, 40/13 a hagu, 1 + 2 + 1/13 a dama, daidai. Kada ki yi gwajin da lambar da kika riga kika yi amfani da ita wajen neman haruffan, don ita dole ta yarda da ke ko kin yi kuskure a wani wuri.

Guntu na farko ln|x − 1| ne. Na biyu shi ne inda ake yawan faɗuwa ba a sani ba. Hannu ya saba, duk inda ya ga firakshan sai ya rubuta ln. Amma 2/(x − 1)² daidai yake da 2(x − 1)⁻², ƙa'idar fawa ce take hawansa, amsarsa −2/(x − 1). A cikin matakalar fakta mai maimaici, ta farko kaɗai ke haifar da logaridim.

Guntu na uku shi ya fi cin lokaci, kuma shi ne zuciyar darasin. A cikin (−x + 3)/(x² + 2x + 5) abubuwa biyu ne suke kwance tare, logaridim da arctan, aikinki ki raba su. Diribatif na ƙasan shi ne 2x + 2. Ki tambayi kanki: nawa ne na wannan 2x + 2 yake cikin −x + 3? Don a sami −x, sai an ninka shi da −½, wanda zai ba da −x − 1. Daga −1 zuwa 3 saura 4. Saboda haka

−x + 3 = −½(2x + 2) + 4

Kashin farko sama diribatif ɗin ƙasa ne, amsarsa −½ ln(x² + 2x + 5). Ba a buƙatar sandunan nan biyu na ƙima a wannan logaridim, tunda mumayyiz ya riga ya shaida cewa kwadiratik ɗin ba ya taɓa sifiri, kullum sama da shi yake. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a ɗauki 3 kai tsaye a kai wa arctan, a manta cewa logaridim ya ci bashin 1 daga cikin lambar. Huɗu ne rabon arctan, ba uku ba.

Kashi na biyu, 4/(x² + 2x + 5), yana son cika murabba'i, ikmalul murabba' da kika yi a sakandare. Dabara ce tsohuwa; Alkhawarizmi ya yi ta a Bagadaza wajen shekarar 820 a kan x² + 10x = 39, da zanen murabba'i na gaske yana cike masa kusurwa. Rabin 2 shi ne 1, don haka x² + 2x + 5 = (x + 1)² + 4. Siffar u² + a² ke nan, da u = x + 1, a = 2. Ƙa'idar ita ce ∫ du/(u² + a²) = (1/a) arctan(u/a). Ki lura a yana fitowa sau biyu, a waje da a ciki, kuma 2 ne, ba 4 ba. Sai mu sami 4 × ½ = 2. Amsa gaba ɗaya:

ln|x − 1| − 2/(x − 1) − ½ ln(x² + 2x + 5) + 2 arctan((x + 1)/2) + K

Akwai wani abu a wannan amsa da nake so ki tsaya ki kalla, don yana ba ni sha'awa duk lokacin da na zo kansa. A = 1, C = −1, jimlarsu sifiri. Ba dace ba ne. A + C shi ne abin da ke gaban x³ a sama, kuma tambayarki ba ta da x³. Duk lokacin da darajar ƙasa ta ɗara ta sama da 2 ko fiye, wannan jimla sifiri take zama. Amfaninsa yana bayyana idan x ya yi girma ƙwarai: logaridim biyun suna haɗuwa su zama ln na |x − 1|/√(x² + 2x + 5), abin da ke ciki yana kusantar 1, logaridim ɗin yana kusantar sifiri. Shi ya sa intigireshan daga 2 zuwa ∞ yake da ƙima mai iyaka, kusan 4.46. In kika sami A da C da ba su kashe juna ba a irin wannan tambaya, ki koma baya.

Sai gargaɗi guda, don na tabbata za a kawo muku shi da iyakoki. A ce an ce daga 0 zuwa 2. Wanda ya zuba lambobi a amsar ido rufe zai sami kusan −1.317 a x = 2, da 2.123 a x = 0, ya cire ya rubuta −3.44. To dubi tambayar: 8x² + 8 sama da sifiri yake, (x − 1)² haka, kwadiratik ɗin haka. Abin da duk yake saman layi ba zai ba da fili mai alamar ragi ba. Abin da ya faru shi ne x = 1 yana tsakiyar hanya, kuma a nan 2/(x − 1)² yana tashi sama ba iyaka, filin da ke ƙarƙashinsa ma ba shi da iyaka. Wannan intigireshan ba shi da ƙima, kuma amsar da ta dace ke nan a rubuta. Fakta mai layi tana haƙa rami a kan hanya. Kwadiratik mara tushe ba ya haƙa ko ɗaya. Kafin ki zuba iyakoki, ki duba ko akwai tushen ƙasa a tsakaninsu.

Yanzu kwadiratik mai maimaici. Matakalar ɗaya ce, sai dai kowane mataki yana ɗaukar haruffa biyu: (Ax + B)/(x² + 1) + (Cx + D)/(x² + 1)². Huɗu, daidai da darajar ƙasa. Idan shi kaɗai ne a ƙasan, ba ki ma buƙatar haruffa, doguwar rabawa ta isa. Ɗauki (x³ + 2x² + 3x + 5)/(x² + 1)². Raba saman da x² + 1 sau ɗaya: ya shiga x + 2, saura 2x + 3. Shi ke nan an gama rabo:

(x + 2)/(x² + 1) + (2x + 3)/(x² + 1)²

Na farko kin riga kin iya shi: ½ ln(x² + 1) + 2 arctan x. A na biyu, 2x diribatif ɗin x² + 1 ne, amma tunda ƙasan murabba'i ne, ƙa'idar fawa ce kuma, ba logaridim ba: −1/(x² + 1). Abin da ya rage, 3/(x² + 1)², shi kaɗai ne sabon abu a duk wannan babi, kuma ba a ƙara farfasa shi. Na sha ganin ɗalibi ya sake yi masa rabon firakshan, ya yi shafi guda, ya dawo da A = 0, B = 0, C = 0, D = 3, wato inda ya taso. In kika ga haka, rabo ya ƙare, wata dabara ake so.

Dabarar ita ce x = tan θ. Sai dx = sec²θ dθ, x² + 1 = sec²θ, ƙasan ya zama sec⁴θ, abin ya dawo ∫ cos²θ dθ, wanda yake θ/2 + (sin θ cos θ)/2. Don komawa ga x, zana alwatika mai kusurwar tsaye: gefen da ke fuskantar θ shi ne x, na kusa da ita 1, dogon gefen √(x² + 1). Daga nan sin θ cos θ = x/(x² + 1). Saboda haka

∫ dx/(x² + 1)² = ½ arctan x + x/[2(x² + 1)] + K

Ninka da 3, tattara komai:

½ ln(x² + 1) + (7/2) arctan x + (3x − 2)/[2(x² + 1)] + K

Gwaji mai sauri: diribatif ɗin wannan a x = 0 shi ne 0 + 7/2 + 3/2 = 5, tambayar ma a x = 0 tana ba da 5. Idan fawar ta kai 3 ko 4, hanyar tan tana yin tsawo, sai a koma ga ƙa'idar saukarwa. In Iₙ yana nufin ∫ du/(u² + a²)ⁿ, to

Iₙ₊₁ = u/[2n·a²(u² + a²)ⁿ] + [(2n − 1)/(2n·a²)]·Iₙ

Zuba n = 1, a = 1, za ki ga abin da muka samu yanzu ya fito. Shawarata kada ki haddace ta sai kin yi hanyar alwatika da hannunki sau biyu ko uku, domin wanda ya haddace kawai yakan rikita 2n − 1 da 2n + 1 kuma ba shi da abin da zai gane da shi.

Abu biyu suna gaban duk wannan aiki, in an tsallake su komai ya rushe. Na ɗaya, darajar sama ta gaza ta ƙasa. In ba haka ba, doguwar rabawa tukuna, sai a yi wa saura rabo. Alamar wanda ya manta ita ce irin taki, saɓani a layin ƙarshe, ko da ya yanka guraben daidai. Na biyu, a fasa ƙasan har ƙarshe. Kowace folinomiyal mai lambobin haƙiƙa tana fasuwa zuwa faktoci masu layi da kwadiratik marasa tushe, babu yanki mai daraja 3 ko 4 da ya gagara. Wannan yana biyowa ne daga babbar ƙa'idar aljabara, wadda Gauss ya kawo wa hujja a 1799. Kafin nan har manya sun yi tuntuɓe a kai. A 1702, shekarar da Leibniz da Johann Bernoulli suka yi rubutu a kan wannan hanya ta rabo, Leibniz ya zaci x⁴ + a⁴ ba ya fasuwa haka. Yana fasuwa. Ɗauki x⁴ + 4, ki ƙara 4x² ki kuma cire shi:

x⁴ + 4 = (x² + 2)² − (2x)² = (x² + 2x + 2)(x² − 2x + 2)

Rashin tushe bai hana shi fasuwa ba, domin a daraja 2 ne kawai rashin tushe yake nufin rashin fasuwa. Ki gwada 8/(x⁴ + 4) da kanki a daren nan. Guraben huɗu ne, (Ax + B) a kan na farko, (Cx + D) a kan na biyu, kuma tun kafin ki fara kin san A + C = 0. Ya kamata ki sami x + 2 a kan x² + 2x + 2, da −x + 2 a kan x² − 2x + 2. Idan kin kai wajen raba logaridim da arctan, ki turo mini abin da ya rage wa arctan a kowane ɗaya, in duba miki. Allah ya ba da sa'a, 'yata.